Sarkin da ba a gani: Yadda ya kamata a karanta hotunan sarakunan Borno

Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri har ya shiga fadar Shehun Borno, hankalin jama'a ya tafi kan rayuka da gidaje da abinci, kuma haka ya dace. Sai dai ambaliyar ta tuna wa masu kishin tarihi cewa tsofaffin hotunan sarakuna da ke rataye a zauruka da ofisoshi da makarantun garin takarda ce kawai, dare ɗaya ya isa ya shafe su. Akwai kuma wata asarar da ta riga ruwa zuwa, wadda ba ta da ƙara: mutane da yawa sun daina sanin yadda ake karanta waɗannan hotuna. Ana kallon su da idon da ya saba da kambin zinariya da karagar sarakunan Turai, sai a ga Shehu zaune a kan shimfiɗa cikin riga da rawani a ɗauka cewa ba shi da abin nunawa. Alhali a Borno, tsawon ƙarnoni, ƙin nunawar shi ne nunin.

Shaidar farko ta girmi kowane zane. Ibn Battuta, wanda ya ratsa ƙasashen Sudan ta yamma a 1352 zuwa 1353, bai taka ƙasar Borno ba, amma ya rubuta abin da aka ba shi labari: cewa suna da sarki mai suna Idris wanda ba ya bayyana ga jama'a, kuma ba ya yi musu magana sai ta bayan labule. Wannan ita ce tsohuwar siffar Mai na gidan Saifawa. Talaka ya san akwai sarki, yana jin kakaki da ganguna, yana ganin dawakai da fadawa, amma fuskar kanta ba tasa ba ce ya kalla. Sarautar da ta ginu a kan haka ba ta bukatar mai zane, domin zanen fuska zai ba kowa abin da aka hana kowa.

A daidai wannan zamani masu zanen taswira a Turai suna cike gurbin da nasu tunanin. Taswirar Kataloniya ta 1375 ta nuna Mansa Musa na Mali zaune a kan karaga, da kambi irin na Turai a kansa, da sanda mai kan fure a hannu ɗaya, da dunƙulen zinariya a ɗaya hannun. Wanda ya zana shi a tsibirin Mayorka bai taɓa ganinsa ba. Kambin da sandar nasa ne, ya ara wa Musa domin 'yan ƙasarsa su gane cewa wannan sarki ne. Zinariyar kuwa ita ce abin da Turai take so daga Mali. Hoton ya fi faɗin gaskiya game da masu kallonsa a kan wanda aka zana, kuma wannan ciwo zai bi hotunan sarakunan Afirka har zuwa zamanin kyamara.

Domin a ga tazarar da ke tsakanin al'adun biyu, ya isa a dubi hoton Louis na 14 na Faransa wanda Hyacinthe Rigaud ya zana a 1701. Sarkin yana tsaye, ya ɗage alkyabbarsa mai nauyi domin a ga ƙafafunsa, takobi a ƙugu, kambi ajiye a gefe, ya dogara da sandar mulki ya kifa kanta ƙasa kamar sandar yawo. Shekarunsa 63 a lokacin, amma ƙafafun na saurayi ne. Duk abin da ke cikin hoton yana cewa: ku kalle ni. A fadar Birnin Gazargamu, sarkin da ya miƙe tsaye ya nuna ƙwaurinsa ga talakawa ya zubar da girmansa ke nan.

Zane na farko da wani wanda ya ga fadar Borno da idonsa ya yi ya zo ne da Manjo Dixon Denham, wanda ya iso Kukawa tare da Clapperton da Oudney a watan Fabrairun 1823. A nan ya kamata mai karatu ya daɗe, domin Denham ya tarar da sarakuna biyu a ƙasa ɗaya, kowanne da irin shigarsa, kuma littafinsa da ya fito a Landan a 1826 ya ɗauki hoton duka biyun.

Na farko shi ne Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, malamin da ya taimaka wa Saifawa bayan mayaƙan jihadi sun ci Gazargamu a 1808, ya kafa Kukawa a 1814, ya zama shi ne mai iko na haƙiƙa. Denham ya ce an shigar da su wani ƙaramin ɗaki mai duhu, suka same shi zaune a kan darduma, sanye da riga shuɗiya ta ƙasar Hausa da rawani, ba wani ado. Amma a kowane gefensa akwai dogarai riƙe da ƙananan bindigogi, wasu bindigogin suna rataye a ɗakin, wasu biyu kuma suna ajiye a gabansa a kan dardumar. Hotonsa da aka sa a farkon littafin ya tafi a kan wannan: mutum ne a zaune, da rawani da riga, babu kambi, babu karaga.

Na biyu shi ne Mai Ibrahim, magajin gidan da ya yi kusan shekara dubu yana mulki, wanda a lokacin yake zaune a sabon birninsa ba nisa da Kukawa. Denham ya same shi cikin wani abu mai kama da keji na kara ko itace, wanda Barebari ke kira fanadir, yana leƙen jama'a ta tsakanin sandunan. Fadawa kusan ɗari uku suka zauna a gabansa, kowa ya juya masa baya. Baƙin ba a bar su sun matso kusa ba. Abin da ya fi ba Denham dariya shi ne shigar fadawan: riga takwas, goma, har goma sha biyu a jikin mutum ɗaya, wanda Allah bai ba tumbi ba ya cusa auduga ya yi, rawani kuma ya kumbura har kai ya zama kamar tulu. Zanen wannan zama yana cikin littafin, kuma shi ne ake ta sake bugawa har gobe a duk inda aka tashi nuna sarautar Saifawa.

Denham ya yanke hukunci nan take: Shehu mutum ne na gaske, fadar Mai kuwa wasan banza ce. Masu karatu da yawa, har da 'yan Borno, sun karɓi wannan hukunci ba tare da tambaya ba. Ya kamata a yi tambayar.

Tarin rigunan ba hauka ba ne. A Borno da ƙasar Hausa riga dukiya ce, ana biyan bukata da ita, kuma babbar kyautar sarki ga baransa ita ce ya tuɓe ko ya ɗauko riga ya ba shi. Bafaden da ya fito da kulwu goma a jikinsa yana sanye ne da lissafin matsayinsa, kowa a dandali ya iya karanta shi. Girman jiki yana cewa wannan mutum ba ya noma, ba ya gudu, wasu ke yi masa. Juya baya kuwa ladabi ne, ba raini ba: idon bara bai kai ya sauka a fuskar Mai ba. Fanadir ɗin da Denham ya kira keji shi ne labulen Ibn Battuta, bayan shekara 470, bai gusa ba. Abin da Baturen ya gani bai fahimta ba shi ne tsari cikakke wanda kowane yanki nasa yake da ma'ana.

Sauƙin shigar Shehu ma ba rashin ado ba ne, ado ne na wani iri, kuma an zaɓe shi da hankali. Al-Kanemi bai taɓa karɓar sunan Mai ba. Hujjarsa ta mulki ilimi ce da kare ƙasa, kuma wasiƙun muhawararsa da Muhammadu Bello na Sakkwato sun nuna yadda yake son a san shi: malami mai hujja. Malami a kan shimfiɗa yake zama. Da ya shiga fanadir, da ya zama ɗan ƙwace mai kwaikwayon iyayen gidansa. Da ya zauna a ƙasa cikin riga ɗaya, sai ya zama kamar bai nemi komai ba, alhali bindigogin da ke gabansa suna faɗa wa baƙo inda iko yake. Waɗannan bindigogi su ne kambinsa. Bai kamata kuma a manta ba cewa Denham baƙon Shehu ne, a Kukawa yake ci yake sha, da izinin Shehu ya je wurin Mai. Idan ya koma Landan ya ce fadar Mai fanko ce, babu wanda wannan magana ta yi wa daɗi kamar mai masaukinsa. Ga shi kuma zanen da Denham ya yi da hannunsa sai da ya bi ta hannun Edward Finden, mai sassaƙa faifan ɗab'i a Landan, wanda bai taɓa ganin Tafkin Chadi ba. Hoton da ya iso ga ɗalibin Maiduguri a yau ya ratsa ido biyu na baƙi kafin ya zo.

Tarihi ya ba rigar Shehu gaskiya. A 1846 aka kashe Mai Ibrahim, ɗansa Ali ya faɗi a fagen yaƙi, gidan Saifawa ya ƙare, fanadir ya tafi tare da shi. Amma ɓoye fuska bai tafi gaba ɗaya ba, ya koma cikin amawali. Heinrich Barth, da ya iso Kukawa a 1851, ya tarar da Shehu Umar kishingiɗe a kan gadon da aka shimfiɗa wa darduma, da riga marar nauyi, da alkyabba yafe a kafaɗa, da jan rawani, kuma ya rubuta cewa ya yi mamakin ganin fuskarsa a buɗe, domin mahaifinsa yakan rufe tasa irin ta Buzaye. Wato ko buɗe baki a gaban baƙo magana ce. Labulen da a da yake tsakanin sarki da jama'a ya zama ƙyalle mai faɗin tafin hannu, wanda sarki ke ɗagawa ko saukewa yadda ya ga dama.

Karon da al'adun biyu suka yi gaba da gaba ya faru a watan Yulin 1870. Gustav Nachtigal, likita Bajamushe, ya iso Kukawa da kyaututtukan Sarki Wilhelm na Farusiya, godiya ga Shehu Umar saboda karamcin da ya yi wa matafiya Jamusawa irin su Barth da Rohlfs. Cikin kayan akwai karaga mai ruwan zinariya da jan karan-miski, da bindigogi, da agogo, da manyan hotunan Wilhelm da matarsa Augusta da yarima mai jiran gado, masu tsayin mutum. A tunanin fadar Berlin, aika hoton sarki kamar aika sarkin ne da kansa. A Kukawa kuwa hotunan sun zo da matsalar fiƙihu. Nachtigal ya ba da labarin cewa hankalin Shehu bai kwanta ba sai da ya ga zanen shafaffe ne a kan ƙyalle, ba ya yin inuwa. Wannan ba son rai ba ne, hukunci ne sananne a mazhabar Malikiyya, wadda ta bambanta sura mai jiki da inuwa, wadda aka haramta, da zane a kan abu shimfiɗaɗɗe, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi. Ta wannan ƙofar hoton sarki ya shiga Borno, kuma ita ce ƙofar da hoton kyamara ya bi daga baya. Shi ya sa har yau ana rataye hoton Shehu a bango ba tare da gardama ba, alhali gunkin sarki a dandali zai tayar da ƙura.

Abin lura, ba dukan duniyar Musulmi ce ta bi hanyar Borno ba. Sarakunan Usmaniyya, waɗanda Mai Idris Alauma ya aika wa jakadu a shekarun 1570, sun daɗe da masu zanen fada. Sultan Muhammadu na 2, wanda ya ci Kustantiniyya, ya sa Gentile Bellini na Benis ya zana shi a 1480, akwai kuma wani hotonsa yana zaune ya tanƙwashe ƙafa yana sansana fure, da zoben maharba a babban yatsansa: fure na nuna ladabi, zoben na tuna wa mai kallo cewa hannun nan yana jan baka. Dabarar ɗaya ce da ta riga shuɗiya da bindigogin al-Kanemi. Bambancin shi ne Istambul ta sa a zana, Borno ta bar abin a zaman fada.

Kyamara ta iso da mugun farawa. Rabe, wanda ya rushe Kukawa a 1893 ya koma Dikwa, an kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilun 1900, kuma hoton da duniya ta san shi da shi na yankakken kansa ne, wanda Faransawa suka ɗauka suka buga. Ko me mutum zai ce game da ta'asar Rabe, wannan hoto juyin labulen Mai Idris ne: fuskar mai mulki a fili, ba da izininsa ba, domin kowa ya ga an gama da shi.

Daga nan Shehunan da suka zauna ƙarƙashin Ingila suka shiga sabon ciniki. Shehu Abubakar Garbai ya shigo yankin Ingila a 1902, ya koma Yerwa a 1907, wato Maiduguri ta yau. Shi da magadansa, Sanda Kura da Sanda Kyarimi, sun yi mulki a zamanin da Razdan da matafiya ke yawo da kyamara, kuma hoton sarki irin na wannan zamani yana da siffa ɗaya a duk Arewa: sarki a tsakiya, sau da yawa a kan kujera, yana fuskantar mai ɗauka, dogarai a tsaye a baya. Sabon abu a cikinsa shi ne sandar girma. Turawa ne suka tsara ta, mai kan azurfa ga sarki mai daraja ta ɗaya, ana miƙa ta bayan rantsuwar biyayya. Wanda ya san haka zai ga hoton yana magana biyu. Rawani da amawali da alkyabba da laima suna cewa wannan jikan al-Kanemi ne. Sandar tana cewa wani ne ya ba shi, kuma wanda ya bayar yana iya karɓewa. Lambobin yabo na Ingila da suka fara bayyana a ƙirjin alkyabba sun ƙara wa magana ta biyu ƙarfi. Turawa sun tafi a 1960, amma sandar ba ta tafi ba, hannun da ke miƙa ta ne ya sauya ya zama na gwamna. Rikicin sarautar Kano na 'yan shekarun nan ya nuna cewa wannan ba tsohon zance ba ne.

Wani zai ce wannan duk tsawaita magana ce, hoto hoto ne, kuma yaro ɗan makaranta yana bukatar fuskar da zai riƙe idan an ce masa Idris Alauma. Akwai gaskiya a bukatar. Amma babu wani hoton Alauma da aka zana a zamaninsa, kuma abin da masu zane na yanzu ke yi domin cike gurbin yakan zama aikin mai taswirar Mayorka ne aka maimaita: jarumi a tsaye, fuska a buɗe, takobi a zare, wani lokaci har da kambi. An ara wa Mai kayan Louis domin a nuna girmansa, an kuma tuɓe masa abin da ya sa shi Mai. Yaron da ya taso da wannan hoto, in ya ga zanen fanadir, zai yi dariyar da Denham ya yi, ga kakanninsa.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Duk hoton sarki da aka rataye a gidan tarihi ko aka buga a littafin makaranta ya zo da bayani a ƙarƙashinsa: wane ne ya yi shi, a wace shekara, ya ga sarkin ko bai gan shi ba, kuma wa ya zaɓi zaman da kayan. A ƙarƙashin hoton al-Kanemi a rubuta cewa Denham ya zana shi a Kukawa, Finden ya sassaƙa a Landan, an buga a 1826, kuma zama a ƙasa zaɓin Shehu ne. A ƙarƙashin zaman Mai Ibrahim a bayyana fanadir da juya baya da tarin riguna, kafin mai kallo ya kai ga hukuncin Denham. A ƙarƙashin hotunan zamanin Turawa a nuna sandar a faɗi daga ina ta fito. Sashen tarihi na Jami'ar Maiduguri da dattawan fada suna da sanin da za a rubuta waɗannan layuka da Kanuri da Hausa da Turanci, kuma tun da ruwa ya riga ya yi gargaɗi, lokacin da ake kwafe tsofaffin hotunan a na'ura shi ne lokacin da ya fi dacewa a tambayi tsofaffi sunan kowace riga da kowane bafade da ke tsaye a bayan Shehu, tun suna da rai.

Shi kuwa Alauma, yana da abin da ya fi zanen ƙage. Limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa a shekarun 1570, ya ambaci 'yan bindigarsa da dawakansa da masallatan tubali da ya gina. Mai zanen da aka ba aikin bangon makaranta a Maiduguri yana iya zana waɗannan duka, da fadawa cikin manyan riguna sun juya baya, da masu kakaki a gefe, a tsakiya kuma fanadir, da alamar mutum zaune a cikinsa.